Wane ne "shi" a takardar cinikin albasa?

Wani ɗan kasuwa daga Marwa a Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Lauya, na sayar wa wani mutumin Gaundare albasa buhu 200, kowane buhu sefa 25,000. Ya ba ni kafin alƙalami miliyan 2, saura miliyan 3. Mun sa hannu a yarjejeniya da Faransanci, ɗan ƙanena kuma ya taƙaita mini ita da Hausa. Ba a yi lodi ba tukuna, amma har mun fara jayayya a waya kan kuɗin mota. Ga abin da taƙaitawar ta ce: 'Mai sayarwa zai ba direba kayan a Marwa ya kai wa mai saye, shi kuma zai biya kuɗin mota kuma zai ɗauki hasarar abin da ya ruɓe idan ya makara, sannan ya biya shi sauran kuɗinsa bayan kwana 7.' Wa ke da gaskiya?"

Alhaji, da wannan jimlar kaɗai ba wanda zai iya ce maka ga mai gaskiya. Maza uku ne a cikinta, kai da mai saye da direba, kuma "shi" ɗin da zai biya kuɗin mota zai iya hawa kan ko wanne daga cikinku. Mai saye zai ce kai ne, tunda da sunanka jimlar ta fara. Kai za ka ce shi ne, tunda shi aka ambata a ƙarshe kafin kalmar. Idan kuɗin mota sefa 2,000 ne kan buhu, sefa 400,000 ke rataye a kan wannan kalma. "Idan ya makara" ta fi haɗari: kai ne ka makara wajen lodi, ko direba ne motarsa ta lalace a hawan dutsen da ke gab da Gaundare, ko mai saye ne ya bar kaya a rana bai zo ya sauke ba? Kwana 7 ɗin ma ba a faɗi daga yaushe za a fara ƙirga su ba.

Abin da ya ɗaure ku a shari'a shi ne takardar da kuka sa wa hannu. Taƙaitawar ɗan ƙanenka, tunda mai saye bai sa mata hannu ba, ba za ta ɗora masa komai ba. Don haka ka fara kai takardar Faransancin wurin lauya ko wani wanda ya ƙware, ya karanta muku ita layi-layi. Idan ta fayyace wanda zai biya, magana ta ƙare, taƙaitawar ce za a gyara ta bi ta. Sai dai sau da yawa mai taƙaitawa yakan kwaso duhun ne daga asalin takardar, domin Faransanci ma da kalma ɗaya yake nuna kowane namiji.

A ce haka ne, kuma kuka je gaban alƙali. Cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa a Kamaru da Chadi yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa wa wasu ƙasashen Afirka dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma an sabunta dokar a 2010. Inda magana ta yi duhu, alƙali zai nemi yadda ɗan kasuwa mai hankali irinku zai fahimce ta, ya duba yadda kuka yi ciniki, da yadda kuka saba yi a baya, da al'adar kasuwar. Tsakanin 'yan kasuwa ana karɓar kowace irin hujja, saboda haka kada ka goge saƙonnin muryar da kuka yi a WhatsApp, kuma ka riƙe dillalin da aka yi cinikin a gabansa. Akwai abu guda da zai iya taimakonka: idan ba ku yi wani sharaɗi daban ba, kuma cinikin ya haɗa da ɗaukar kaya a mota, dokar ta ce hasarar hanya tana komawa kan mai saye tun daga lokacin da aka miƙa kayan ga mai ɗauka na farko. Akwai kuma wanda zai cuce ka. Sashe na 1602 na kundin dokar farar hula ta Kamaru ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya ɗauka wa kansa a sarari, ya ce duk sharaɗin da ya yi duhu ko ya ɗauki ma'ana biyu, a kan mai sayarwa za a fassara shi. Kai ne mai sayarwa. Ba na son ka jingina miliyan 3 a kan yadda alƙali zai auna waɗannan.

Tunda albasar tana hannunka, shawarata ita ce ku rubuta ƙarin yarjejeniya kafin lodi. Ba kai kaɗai za ka zaɓi wanda "shi" ke nufi ba. Ka kira mai saye ku daidaita kan kowace gaɓa, sannan a rubuta. A saman takardar a faɗi cikakken sunan kowa da lambar katin shaidarsa, a ce daga nan za a kira wannan Mai Sayarwa, wancan Mai Saye. Bayan haka ko'ina sunan nan za a maimaita, ko da ya gundiri mai karatu. Kowace jimla ta ɗauki nauyi ɗaya tak, ta fara da wanda nauyin ke kansa, ta faɗi abin da zai yi, ga wa, nawa, a ina, yaushe. A ce kun daidaita cewa mai saye ne zai biya mota, jimlar nan ɗaya za ta koma haka:

"Mai Sayarwa zai yi lodin albasa buhu 200 a Marwa ranar (a rubuta kwanan wata). Mai Saye ne zai zaɓi direba. Mai Saye zai biya direba sefa 400,000, wato dubu ɗari huɗu. Idan Mai Sayarwa bai gama lodi a ranar da aka sa ba, Mai Sayarwa zai maye gurbin buhunan da suka ruɓe kafin motar ta tashi. Daga lokacin da direba ya sa hannu cewa ya karɓi buhu 200, hasarar hanya tana kan Mai Saye. Mai Saye zai biya Mai Sayarwa sefa 3,000,000, wato miliyan uku, cikin kwana 7 daga ranar da direba ya sa hannu."

Ka lura na ce "cikin kwana 7", ban ce "bayan" ba. Wanda ya biya bayan wata biyu ma bayan kwana 7 ya biya. Ka kuma lura babu inda na ce direba zai biya hasara. Direba bai sa hannu a cinikinku ba, kuma yarjejeniya ba ta ɗora nauyi a kan wanda ba ya cikinta. Wanda ya ɗauke shi aiki ya yi takardar ɗaukar kaya da shi daban, mai nuna yawan buhu, halin da aka karɓe su, da ranar isa.

Kafin sa hannu, a ba mutum biyu da ba su san cinikin ba su karanta, kowa shi kaɗai, a tambaye su wa zai biya mota, wa zai ɗauki ruɓewa, yaushe kuɗi zai shigo. Idan amsarsu ta bambanta, da sauran gyara. A rubuta da Faransanci da Hausa, a ƙara layi mai cewa idan suka saɓa wanne za a bi, da wani mai cewa wannan ƙari ya maye gurbin tsohon sharaɗin. A yi asali biyu, kowa ya sa hannu a kowane shafi ya riƙe nasa.

Idan mai saye ya ƙi zama, kada ka janye daga cinikin don kanka, domin ka karɓi kuɗinsa kuma wajibin ba da kaya yana nan a kanka. Ka aika masa a rubuce yadda ka fahimci kowace gaɓa, ka ba shi wa'adi ya amsa, ka ajiye shaidar cewa saƙon ya isa. In ya yi shiru ko ya musanta, ka je wurin lauya da takardun duka kafin ranar lodi, domin albasa ba za ta jira ku gama shari'a ba.