Yadda ake tsara takardar binciken tsaftace hannu kafin taɓa majiyyaci

Tambaya: An ɗora mini aikin bincika yawan yadda ma'aikatanmu ke tsaftace hannu kafin su taɓa majiyyaci. Yaya zan tsara takardar?

Amsa: Abin da za ki ƙirga shi ne damar tsaftace hannu, ba yawan wankewa ba. Duk sa'ad da ma'aikaci ya nufi majiyyaci zai taɓa shi, dama ɗaya ke nan, kuma ita ce ta farko cikin lokuta 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana. Kowace dama ki ba ta layinta: rukunin ma'aikacin, ba sunansa ba, sai abin da ya yi, ko ya shafa sinadarin hannu, ko ya wanke da sabulu, ko bai yi komai ba.

A ce kin tsaya minti 20 a ɗakin jinya kin ga dama 15, an tsaftace hannu a 9. Ki raba 9 da 15, ki ninka da 100, kashi 60 cikin ɗari ke nan. Amma dama 15 ta yi kaɗan, sai kin tara zama da yawa, har da aikin dare.

Inda aka fi yin kuskure shi ne safar hannu. Nas ta zura safa ta kama hannun majiyyaci ba tare da ta shafa komai ba, wannan rashin tsaftace hannu ne, haka za ki rubuta. Wanda labule ya kāre miki kuwa, kada ki yi zato, ki bar shi.

Sannan mutane suna gyara hali idan sun san ana kallonsu. In kika ga kashi 95 alhali kwalbar sinadarin bakin gado ta yi mako ba ta ragu ba, ki yi shakkar alƙalumanki.