Asuwaki kaɗai ya isa, ko sai an haɗa da buroshi?

Tambaya: "Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata takwas ke nan da zuwana Makka, kuma tun da na samu asuwakin arak na ajiye buroshi da man goge baki gaba ɗaya. Ina yi a kowace alwala, bakina kuma ba ya wari. Shin ya wadatar, ko akwai abin da nake cutar kaina da shi ban sani ba?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa ka zo a sa'a. Abin da ka yi shi na yi, ni kuwa sai da na shekara goma sha ɗaya a kai kafin na ga sakamakonsa, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Kada ka bar asuwaki. Falalarsa ta tabbata, Manzon Allah (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla. Ta fuskar wanke haƙori kuma, duk inda bakin asuwaki ya taɓa da kyau yana cire dauɗa kamar yadda buroshi ke cirewa. Wannan yajin da kake ji a harshe idan saiwar arak ɗanya ce, sinadari ne mai kashe ƙwayoyin cutar baki, kuma taunarsa tana tsinko da yawu, yawu kuwa shi ke wanke tsamin da ke cin haƙori. Matsalar tana ga wuraren da ba ya taɓawa.

Ɗauki buroshi da asuwaki ka ajiye su gefe da gefe. Gashin buroshi a kaikaice yake, ya fito ta gefen mariƙi, don haka idan ka zura shi can ƙurya, gashin na fuskantar haƙori. Na asuwaki kuwa a miƙe yake, yana kallon inda sandar ta nufa. A fuskar haƙoran gaba wannan ba komai ba ne, nan ne ma asuwaki ya fi gwaninta. Amma ta ciki, ɓangaren da harshe ke kwanciya, da bayan turmin ƙarshe na sama, sai ka karkatar da hannu ƙwarai kafin gashin ya sauka daidai, kuma yawancinmu ba ma yi. Muna tafiya masallaci muna gurzar haƙora shida na gaba, a idar da alwala a mayar da shi aljihu.

Ni abin da ya kai ni asibitin haƙori ciwon turmi ne, na ƙasa ta dama, da ya hana ni barci kwana uku. Na je da yaƙinin bakina tsaf yake, tun da haƙorana farare ne har ana yaba su. Likitar ta ba ni madubi, ta sa ɗan ƙaramin nata ta ciki ta nuna mini bayan haƙoran gaba na ƙasa. Wani abu ne ruwan ƙasa ya daskare a gindinsu kamar siminti. Ta ce dauɗar da ba a cire ba cikin 'yan kwanaki take fara ƙanƙarewa, kuma idan ta ƙanƙare ba asuwaki ba buroshi, sai a kankare ta da na'ura. Sannan ta taɓa fiƙata ta sama ta hagu, na zabura. Dasashin wajen ya ja baya, wuyan haƙorin ya fito har ya yi ɗan kwari. Na dama ne ni, hannun dama kuwa ɓangaren hagu ya fi dannawa, ga shi ina gurzawa a kwance, hagu da dama, sau biyar ko fiye a yini, sau da yawa da busasshen asuwaki. Da ma na daɗe ina jin tsirr idan na sha ruwan sanyi, na ɗauka tsufa ne. Dasashin da ya ja baya ba ya dawowa da kansa, har yau haka nawa yake.

Shi kuwa turmin, kogo ya yi ta tsakaninsa da maƙwabcinsa. A nan ne na fahimci abu na biyu da asuwaki ya gaza. Ka san zamanmu a nan: shayi mai sukari safe da yamma, dabino a kowane zama, ga lemon kwalba saboda zafi. Abin da ke ƙarfafa haƙori ya jure wa wannan shi ne fuloraid, kuma ɗan abin da ke cikin arak bai kai a dogara da shi ba. Man goge baki na manya yana ɗauke da shi tsakanin ppm 1000 zuwa 1500, wato ma'aunin yawansa a cikin man, za ka ga lambar a jikin kwalin, galibi 1450. Haƙorin nan cikawa aka yi, da na ƙara jinkiri da sai an kashe jijiyarsa.

Yanzu ga yadda nake yi. Da daddare, bayan na gama ci da sha, buroshi mai laushin gashi da man goge baki, minti biyu cur, in fara ta ciki tun hannuna bai gaji ba. In tofar, ban kurkure da ruwa, don man ya kwana a jikin haƙori. Da safe haka. Tsakanin turame kuwa zaren sakace, saboda can buroshin ma ba ya shiga. Sauran yini na asuwaki ne, a alwala da bayan cin abinci, nan kam babu abin da ya kai shi sauƙi, ba ya neman famfo.

Shi ma asuwakin da yadda ake yin sa. Wajen masu sayarwa a ƙofar masallaci, zaɓi mai kaurin ƙaramin yatsanka, tsawon kamar ɗani, wanda ke ɗan lanƙwasuwa ba ya karyewa, mai ƙamshi da yaji. In ya bushe, jiƙa bakinsa a ruwa mai tsabta na wasu awoyi, amma kada ya wuce kwana ɗaya a ciki. Feƙe ɓawon kamar santimita ɗaya, ka tauna har gashin ya yi laushi. Riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, don damƙa da tafin hannu ita ke kawo dannawa. Gogewar daga dasashi zuwa bakin haƙori ce, na sama ka sauko, na ƙasa ka hau, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Kullum ka yanke bakin da ka yi amfani da shi ka buɗe sabo, ka wanke shi ka bar shi ya sha iska. Jiƙaƙƙe a cikin leda cikin zafin Makka funfuna yake yi.

Rashin wari da ka ambata kada ya ruɗe ka, ni ma ban yi wari ba. Yau da daddare ka bi bayan haƙoranka da harshe: mai tsabta santsi gare shi, mai dauɗa kuwa za ka ji kaushi. Haska fitilar waya a madubi ka duba bayan na ƙasa. Idan ka ga rawaya a gindinsu, ko jini a bakin asuwaki kwana da kwanaki, ko fiƙa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, je a duba ka a kankare tukuna, sannan ka dawo da buroshin dare. A kantin magani ana samun wata ƙwaya da ake taunawa ta rina dauɗar haƙori ja ko shuɗi. Yi asuwakinka yadda ka saba, sannan ka tauna ta ka duba madubi. Ranar da na gwada, haƙoran gabana fes, turamen ƙurya kuwa ta ciki duk sun rine.