Shingayen hanyar Gombe zuwa Bauchi

Tambaya: Jibi zan tuƙa motar yayana daga Gombe zuwa Bauchi, karona na farko. Wane takardu zan riƙe, kuma me zan ce in an tare ni?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda motar ba taka ba ce, nan ne za a fi tsananta maka. Banda lasisin tuƙinka, riƙe lasisin motar da inshora da takardar shaidar mallaka, ka duba kwanan watansu tun a gida, don takardar da ta ƙare daidai take da babu. Ka kuma haddace sunan da ke jikinsu. Na taɓa shafe kusan awa guda a gefen titi kusa da Alkaleri saboda na ce motar Yaya Babba ce, alhali takarda na ɗauke da sunansa na yanka. Sai da na kira shi a waya ya yi musu bayani. Ka sanar da yayanka kada ya kashe waya ranar.

In ka hango shinge, rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, kashe rediyo. Da dare ka rage fitilar gaba, ka kunna ta cikin mota. Ka yi gaisuwa: “Sannu da aiki, Yallaɓai.” In ya ce daga ina zuwa ina, ka ce daga Gombe zuwa Bauchi, unguwa kaza, ka tsaya nan. Yawan bayani shi ke jawo “buɗe but”. A shingen soja kuwa kada a gan ka da waya a kunne.

’Yan Rodi Sefti su bel suke fara kallo, sannan su nemi abin kashe gobara da safayar taya.