Rauta biyu a gida ɗaya, firinta da kyamara sun ɓata

"Salam 'yan uwa. Ina da rauta mai sim a shago, na jawo kebul zuwa cikin gida na haɗa wata rautar saboda sabis bai kaiwa ɗakuna. Intanet na aiki ko'ina, amma idan ina shago ba na ganin firinta da kyamarar da ke haɗe da ta cikin gida. Wani ya ce Double NAT ne, wai in sa Bridge Mode, wani kuma ya ce Access Point. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam. Malam wallahi ina karantawa na ji kamar labarina kake bayarwa, abin nan ya wahalar da ni bara a shagona nan gefen Ringim, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kafin komai ka tabbatar tukuna. Shiga saitin rautar cikin gida ka nemi wurin da aka rubuta WAN IP ko Internet IP, wato lambar da rautar ta karɓa daga inda intanet ke shigo mata. In ka ga lambar ta fara da 192.168, kuma ta yi kama da lambobin rautar shago, to Double NAT ɗin ne. Ni tawa ta shago 192.168.8.1 ce, ta biyun 192.168.0.1, WAN ɗinta kuma yana nuna 192.168.8.100, ka ga kenan kowacce tana rabon nata lambobin tana ɗaukar kanta ita ce mai gida. Kamar gida mai soro biyu ne, na ciki in ya ga dama ya fito har titi, amma wanda ke soron farko bai san sunan kowa a ciki ba balle ya yi sallama da shi. Shi ya sa intanet ke tafiya lafiya lau amma kai daga shago ba ka ganin firinta.

Ni nawa ya faɗo daidai lokacin da yara ke cire takardar jarrabawa, shago cike har bakin ƙofa, ga zafi, ga batirin sola yana ƙasa, laftof ta ce ba ta san wata firinta ba. Na kira wani mai haɗa netwok daga birni, ba zan kama suna ba, Allah ya isa dai. Ya zo na biya kuɗin mota na saya masa abinci da lemo, ya zauna yana latse-latse yana amsa waya, can ya ce firintar ce ta mutu. Firintar da in ka sa mata kebul kai tsaye take bugawa tsaf! Na nuna masa, ya ce to rautar ce jabu, in kawo kuɗi ya sayo min "orijinal". Na ba shi. Ya dawo bayan kwanaki da sabuwa a kwali, ya cire tsohuwar ya soka kebul ɗin a ramin WAN yadda yake da, matsala na nan daram. Da na yi magana sai cewa ya yi wai mu mutanen ƙauye ba ma gane abin zamani. A gaban kwastomomi fa, har da wani dattijo da ya kawo jikarsa tun safe suna zaune a benci, suka tashi suka hau mashin zuwa gari. Tun ranar ya daina ɗaga wayata, tsohuwar rautar ma ya tafi da ita wai zai gwada.

To ni shawarata, tunda taka mai sim ce, ka bi Access Point ka huta. Ma'anarsa ta shago ta ci gaba da zama shugaba, ita kaɗai ke rabon lamba, ta cikin gida ta koma mai watsa waifai kawai. In tana da Operation Mode a saiti, kamar yawancin TP-Link na yanzu, zaɓi Access Point ta sake kunna kanta, an gama. In babu, da hannu ake yi kuma ba wuya. Cire kebul ɗin da ya zo daga shago tukuna, ka haɗa laftof da ita ita kaɗai. Canja LAN IP ɗinta ya shiga layin ta shago, misali 192.168.8.2, amma ka duba ta shago daga ina take fara rabo, tawa daga 100 take farawa shi ya sa 2 ba ya karo da kowa. Sannan ka sake shiga saitin ta sabuwar lambar ka kashe DHCP Server, wato mai rabon lamba. Ka fara canja lambar kafin ka kashe DHCP, in ka juya su laftof za ta iya rasa hanyar komawa saitin sai ka danna reset ka faro daga farko. Daga nan kebul ɗin shago ya shiga ɗaya daga ramukan LAN, ramin WAN a bar shi fanko. Ka rubuta sabuwar lambar a takarda ka manna ƙarƙashin rautar, don watarana za ka neme ta.

Firintar da na'urar kyamara kuma ka kashe ka kunna su karɓi sabuwar lamba. In an taɓa sa musu lamba tsayayya ta 192.168.0 sai ka shiga ka gyara da hannu, in ba haka ba za ka rantse aikin bai yi ba. A laftof ma ka cire firintar ka sake ƙara ta.

Shi Bridge Mode a rautar farko ake yin sa, ba a ta biyu ba, nan mutane ke ruɗewa. Ta shago ce za ta ajiye shugabanci ta miƙa wa ta cikin gida komai. Yana da kyau in ta biyun ce mai ƙarfi, ko kana son ita ta riƙa taƙaita wa yara data. Amma a naka tsarin waifan shago zai tashi daga aiki, ka gyara gida ka kashe shago kenan. Kuma da yawan rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa ba za ka ma ga wurin ba, a wasu IP Passthrough ake kiransa, a wasu an cire shi gaba ɗaya.

Sai abu ɗaya da wancan mutumin bai taɓa gaya min ba, ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya nuna min. In burinka ka kalli kyamara daga Kano ta hanyar Port Forwarding, wato buɗe ƙofa a rauta don a shigo daga waje, duba WAN IP na rautar sim ɗin kanta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ma ya sa ka bayan nasa NAT, CGNAT kenan, ba Bridge Mode ba Access Point da zai buɗe maka wannan ƙofar. Sai dai manhajar kyamarar ta waya mai P2P, wato wadda ke haɗa wayarka da kyamarar ba sai an buɗe ƙofa a rauta ba, ita ke wucewa. Kar wani ya karɓi kuɗinka a kan wannan.

Af, kebul ɗin nan da ka jawo, kar ya wuce mita 100, kuma don Allah ka sa shi a fayif. Nawa ɓera ya ci a bayan rumbu, damina ta ƙarasa shi, intanet na zuwa na ɗaukewa har na fara zargin saiti. Kuma ka sa ta shago a kan batirin da ba ya mutuwa da dare, don yanzu in ta mutu ba mai ba wayoyin cikin gida lamba, za ka ga waifai cike amma waya ta tsaya tana ta juyi. In ka gama ka turo hoton shafin LAN na ta biyun mu duba, amma ka rufe fasuwod kafin ka turo.