Injin ruwana na ƙonewa a kai a kai: in sayi babba ne?

"Assalamu alaikum. Ina da masaukin baƙi mai ɗakuna goma sha biyu a Kaduna, bene hawa ɗaya. Injin tura ruwa mai doki ɗaya ne ke jan ruwa daga tankin ƙasa ya kai ɗakuna, an haɗa shi da ƙaramin tankin iska mai lita 24. Da an buɗe famfo sai ya riƙa tashi yana mutuwa kusan duk bayan sakan biyar. Sau biyu ke nan yana ƙonewa a bana. Mai gyarana ya ce in sayi mai doki biyu in huta. Kafin in zuba kuɗi, mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka dakata da sayen mai doki biyu. Idan ka ɗora shi a kan wannan tankin, abin zai ƙara lalacewa ne, domin babban inji zai cika ƙaramin tanki cikin ƙiftawar ido ya mutu, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Kuɗinka wajen tankin iska ya kamata su tafi, kuma akwai gwajin da za a fara yi wanda ba zai ci maka komai ba sai ladan mai faci.

Tankin nan gida biyu ne a ciki. Akwai jakar roba da ruwa ke shiga, akwai kuma iskar da aka ɗura a bayanta. Idan inji ya tura ruwa, jakar ta kumbura ta matse iskar. Idan aka buɗe famfo, iskar ce ke turo ruwan waje, inji kuwa yana hutawa. Kusa da tankin akwai makunnin matsi, ɗan akwati mai murfin roba, shi ke ba injin umarni. Lambobi biyu ya sani: ta tashi da ta tsayawa. Saitin da aka fi samu shi ne 20/40, 30/50 ko 40/60 a ma'aunin psi. A saitin 30/50, da allurar geji ta sauko 30 inji zai tashi, da ta kai 50 zai tsaya. In gejinka bar yake nunawa, wannan kusan 2.1 da 3.4 ke nan.

Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa. Saboda haka da zarar iskar ta zurare, ko jakar ta fashe ruwa ya mamaye tankin gaba ɗaya, kofi ɗaya kawai za a tara allura ta faɗo ƙasa, inji ya tashi, cikin sakan biyu ta sake hawa, ya mutu. Sakan biyar ɗin da kake gani alamar haka ce. Motar inji kuwa a lokacin tashi take shan wuya, don wutar da take ja a wannan ɗan lokacin ta ninka ta aikin yau da kullum sau da yawa. Zafi na taruwa a naɗin wayar babu damar hucewa, kafasita ta gaji, bakin makunnin ya yi baƙi ya ci. In kana kan janareto ko inbata, su ma duk tashi ɗaya sai sun ji a jikinsu.

Ga yadda za a duba, kuma ina so ka tsaya a wurin da kanka. A kashe wutar injin daga babban makunni. A buɗe famfo mafi kusa har ruwa ya daina zuwa, allura ta kwanta a sifili. Sannan a nemi bawul ɗin iska a jikin tankin, irin na tayar mota ne sak, yana ƙarƙashin ɗan murfi. A danna tsinkensa da ƙusa. Idan ruwa ya fito, jaka ta fashe, magana ta ƙare: ko a canza jakar in tankin mai faranti ne da ake kwancewa da noti, ko a canza tankin. A kuma ɗan girgiza shi. Tankin da aka zubar wa ruwa bai kamata ya yi nauyi ba. In ka ji shi dam kamar an cika shi, ruwa ya tsallaka gidan iska.

Idan iska ce ta fito, ko ba abin da ya fito, a ɗora gejin taya a auna. Ƙa'idar ita ce iskar ta kasance ƙasa da lambar tashi da psi 2. Mai saitin 30/50 zai ɗura 28, mai 20/40 zai ɗura 18, mai 40/60 zai ɗura 38. Famfon keke ma yana yi, amma a bar famfon ruwan a buɗe yayin ɗurawa. Kuskuren da masu gyara suka fi yi shi ne auna iskar alhali ruwa na cikin tanki da matsinsa. A wannan hali geji matsin ruwan zai nuna, mutum ya ce iska lafiya lau, ya tafi. Cika iska fiye da kima shi ma matsala ne: in ta haura lambar tashi, tanki zai ƙare ruwansa kafin inji ya tashi, baƙo na tsakiyar wanka ya ji ruwa ya ɗauke cak sannan ya dawo da ƙarfi. Bayan an ɗura, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin, a kuma sake aunawa bayan kwana biyu. In ta ragu, akwai inda take zurarewa.

To amma ko an gyara iskar, lita 24 ba za ta riƙe ɗakuna goma sha biyu ba, kuma nan ne asalin hasararka take. Lambar da aka rubuta a jikin tanki ba ita ce ruwan da yake bayarwa ba. Abin da ke fita tsakanin tsayawar inji da sake tashinsa kaɗan ne daga ciki, kuma ana lissafa shi ne bayan an ƙara 14.7 na matsin iskar sarari a kan kowace lamba. A saitin 30/50 da iska 28:

```
(42.7 ÷ 44.7) − (42.7 ÷ 64.7) = 0.295
```

Wato kusan kashi 30 cikin ɗari. Tankinka, a ranar da yake da cikakkiyar lafiya, lita 7 yake bayarwa.

Mu ɗauka injinka na tura lita 40 a minti, baƙo ɗaya kuma na wanka da shawa mai shan lita 10 a minti. Lita 7 za ta ƙare cikin sakan 42. Inji ya tashi, 10 na tafiya wurin baƙo, 30 na shiga tanki, ya cika cikin sakan 14 ya mutu. Kowane zagaye bai kai minti ɗaya ba, wato tashi sama da sittin a sa'a guda. Abin da masu wannan aiki ke bi shi ne, ƙaramin inji irin naka ya yi aƙalla minti ɗaya yana aiki duk sa'ad da ya tashi, manya kuwa minti biyu. Ke nan kana buƙatar tankin da zai karɓi lita 40 a zagaye ɗaya. Raba 40 da 0.295, ka sami kusan lita 135, sai ka sayi mai 150. Shi zai ba da lita 44. Da baƙon nan ɗaya, sai an fi minti huɗu kafin inji ya tashi, ya yi minti ɗaya da rabi ya tsaya. Tashi goma ke nan a sa'a maimakon sittin. Da mai doki biyu ka saya, da ruwan da yake turawa ya ƙaru, ƙa'idar ta koma minti biyu, da tankin da za ka nema ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Lita 40 ɗin nan misali na bayar. Kada ka dogara da `Q max` da ke jikin farantin injin, don wannan ruwan da zai bayar ne in babu matsi ko kaɗan. Ku buɗe famfo kusa da inji, ku daidaita shi yadda allura za ta zauna wajen 40 inji na aiki, ku tara bokiti mai lita 20 ku duba agogo. Da abin da kuka samu za a yi lissafin. Sabon tanki kuma yana zuwa da iskar kamfani, ba lallai ta dace da saitinka ba, sai a auna a daidaita kafin a sa masa ruwa.

Akwai masu cewa a taɓa makunnin kawai a huta da sayen tanki. Yana ɗan taimakawa, amma da iyaka. In aka buɗe murfin, a yawancin irinsu za a ga noti biyu a kan sifirin. Babban yana ɗaga lambobin biyu tare in an ɗaure shi, ƙaramin kuwa tazarar tsakani yake faɗaɗawa, wato ya ɗaga lambar tsayawa. A bar tazarar a psi 20. In ta yi ƙunci, tashi zai yawaita. In ta yi faɗi da yawa, baƙi za su ji ruwa na ƙarfi yana rauni, jakar ma tana miƙewa fiye da kima. Kuma a cire wuta kafin a sa hannu, don wayoyin a tsirara suke a ciki. A juya kaɗan, a rufe, a kunna, a kalli allura zagaye guda cikakke kafin a ƙara.

Ga bene hawa ɗaya, ni 30/50 zan zaɓa. Shawar sama tana kamar mita 7 daga inji, wannan ya cinye psi 10, ya bar wa baƙo kusan 20 a lokacin da matsi ya fi ƙasa, kuma ya isa wanka. Kada a yi kwaɗayin 40/60. Na farko, ruwan da tanki ke bayarwa zai sauko zuwa kashi 26 cikin ɗari. Na biyu, psi 60 daidai yake da tsayin mita 42. In `H max` na injinka, wato iyakar tsayin da yake iya tura ruwa, bai wuce wannan da tazara mai kyau ba, zai yi ta juyi bai kai lambar tsayawa ba, ruwan cikinsa ya yi zafi ya lalata sil ɗin da ke hana injin yoyo. Duk sanda aka canza lambar tashi kuma, dole a sake daidaita iskar tanki.

Saura abu ɗaya da masu masauki suka fi fama da shi: inji ya tashi cikin dare babu mai amfani da ruwa. Bari tanki ya cika inji ya tsaya, ka rufe bawul ɗin da ke kai ruwa ɗakuna, ka zuba wa allura ido minti goma. In tana sauka, ruwa na komawa baya ne ta bawul ɗin da ke hana shi komawa, a canza shi, ba shi da tsada. In ta tsaya cak, yoyon na cikin gini, kuma ka fara da tankunan masai, ɗaki bayan ɗaki, don su ne ke zubar da ruwa shiru ba a sani ba. In kuwa makunnin na kaɗa haƙora, tak-tak-tak, a lokacin tashi ko tsayawa, a duba ko an ɗaura shi nesa da tanki, ko akwai bawul ko matata a tsakaninsu, ko laka ta toshe siririn bututun da ke ƙarƙashinsa.

Wajen sayayya, ka haɗa abin da naɗin waya biyu suka ci maka a bana da kuɗin ɗakunan da baƙi suka bari saboda rashin ruwa, ka ajiye kusa da farashin tanki mai lita 150. Ka nemi wanda ake canza wa jaka, ka tambayi mai shagon ko yana da jakar a ajiye kafin ka biya. Ka sa a ƙara bawul mai sakin ruwa in matsi ya wuce kima, a kuma ajiye tankin a inuwa. Sai ka sayi gejin taya ka ba yaron da ke kula da janareto, ka nuna masa yadda zai kashe wuta ya zubar da ruwa ya auna, ya riƙa yi duk wata uku yana rubuta lambar a bango kusa da injin.