Injin wanki ɗaya, ɗaki biyu, yara goma sha ɗaya

"Gwaggo, barka da hutawa. Maigida ya sayo mana injin wanki mai baki biyu, an rubuta kilo 7 a jikinsa. Mu biyu ne da yara goma sha ɗaya, kullum sai an yi ka-ce-na-ce a kansa. Abokiyar zamana ta ce injin ya bi girki, mai girki ita ce mai inji. A al'ada haka ya dace? Kuma babu laifi a haɗa kayan kowa da kowa a ciki?"

'Yata, Allah ya sa albarka a wannan inji, ya kuma ƙara muku zaman lafiya. Abokiyar zamanki ba ta faɗi abin banza ba, don a gidan Bahaushe girki ne ma'aunin rabo, shi ya sa hankalinta ya tafi can. Amma ni ban goyi bayan a ɗaura wanki a kan girki ba. Ranar girkinki tukunyar mutum goma sha huɗu na jiranki, ga shara, ga hidimar maigida, yaushe za ki tsaya kan inji? Sannan ku kwana bibbiyu kuke yi, girki yana zagayowa duk kwana huɗu, mako kuwa kwana bakwai ne. Asabar ɗin nan taki ce, ta gaba wataƙila tata ce, alhali makaranta ba ta san da wannan lissafi ba, Litinin da safe sai yara sun sa yunifom. Don haka ku raba inji da ranakun mako, ku bar girki ya yi tafiyarsa.

Ga yadda zan tsara da ni ce a gidan. Kin taɓa gaya mini takwas ne ke zuwa boko, kowa da yunifom biyu. To Asabar da safe ta yunifom ce, ta yaran gida duka, ba a cewa wannan na ɗakin wance ne. Laraba da yamma, da sun dawo sun tuɓe, a sake wankewa, don wanda aka sa Litinin da Talata ya samu ya bushe. Alhamis ta kayan Islamiyya ce, tunda yawancin makarantunmu Alhamis da Juma'a suke hutu, a haɗa da fararen kayan da samari za su sa zuwa masallaci. Litinin ta ɗakin uwargida, Talata taki, kowacce ta wanke nata da kayan gida na 'ya'yanta yadda ta ga dama. Lahadi zannuwan gado da tawul, mako ɗaya ɗakinki, mako ɗaya nata.

Juma'a kuwa kada ku ba kowa. Ita ce ranar ramuwa, kuma ita ce za ta kashe muku rigima. In ranar ɗakinki ta zo babu wuta, ba za ki ci ranar wata ba, sai ki jira Juma'a. Na ga gidan da suka ce in wuta ta ɗauke sai kowa ya matsa gaba da kwana ɗaya, kafin wata ya ƙare babu wadda ta san ranarta, har sai da magana ta kai gaban surukarsu. Yunifom ne kaɗai ba ya jira. In babu wuta ran Asabar har azahar, manyan yara su ɗauko baho su wanke da hannu, maza da mata, don kada inji ya sa su manta yadda ake cuɗa wuyan riga.

Batun haɗa kaya, nan ne al'ada take da magana, kuma ina so ki riƙe ta da kyau. Duk abin da fitsarin yaro ko kashi ya taɓa, zanen goyo ne ko shimfiɗar mai fitsarin kwance, ba ya shiga inji sai an fara zuba masa ruwa tsantsa a waje har najasar ta fita. A karatunmu na Malikiyya ruwan da omo ya canza ba ya ɗauke hukuncin najasa, sai ruwa zalla. In kika jefa wandon fitsari cikin ruwan kumfa tare da hijabin salla, kin jawo wa kanki aiki da waswasi. Na biyu kayan ciki. Naki da nata da na 'yan mata da suka fara girma, kowacce ta wanke abinta da hannu, ta shanya a ɗaki ko ta rufa ɗankwali a kai. Wannan kunya ce da muka gada, inji bai goge ta ba. Kayan maigida su kaɗai za a wanke, mai girki ta yi masa, ko ranar wa ce a ba ta hanya, zubi ɗaya ne. Amma shaddarsa da hularsa kada su kusanci inji. Shadda tana rasa ƙyallinta, hula kuma sai mai wankin hula. Sabuwar atamfa ma ki fara gwada ta a bokiti tukuna, ki ga ko tana zuba.

Kilo 7 ɗin nan nauyin busassun kaya ake nufi, kuma kada ki kai shi maƙura. In kin zuba kaya su tsaya kamar kashi biyu cikin uku na bakin wankin, ruwa ya rufe su. Yunifom na yara takwas zubi biyu ne: fararen riguna da hijabai su fara, sannan wanduna da siket masu duhu su bi a cikin ruwan kumfar nan ɗaya, safa ta zo ƙarshe. Haka za ki ceci omo da ruwa, don irin wannan inji yakan sha kusan jarka biyu a cika ɗaya, ɗauraya kuma ta ci nata. A Jos ɗin nan da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, sai ki tanadi ruwan tun daren jiya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kada a zubar, a tare shi a baho a wanke tsakar gida.

In kika ji inji yana gurnani, kaya kuma ba sa juyawa, ko dai kin cika shi ko wutar ba ta da ƙarfi. Kashe shi nan take, kafin ki ji ƙaurin roba. Bakin matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta, sai ki raba kayan biyu, ki danna su ƙasa daidai. In yana buga jikinsa yana rawa, kayan sun taru gefe guda ne. Bayan zubi uku a bar shi ya huce. Aljihun yara maza kuwa a laluba shi kafin komai, ni da idona na ga ƙusa da murfin kwalba sun fito daga wandon jikana.

Abin da ya fi inji ƙaranci a gidanku igiyar shanya ce. Da damina, musamman watan Agusta, kada ki wanke abin da ya fi ƙarfin igiyarki, in ba haka ba kaya su kwana a jiƙe su yi tsami, fararen su fito da baƙaƙen ɗigo da ba sa fita. A fara da sassafe, don ruwan Jos ya fi son yamma, kuma ku ɗaura igiya biyu a baranda. Da hunturu kaya na bushewa da wuri, sai dai ƙura, a kwashe su da zarar sun bushe. Suwaitar makaranta a wanke ta ran Asabar kaɗai, don in ta kwana da danshi yaro ne zai fita cikin sanyin nan ba komai.

Ku zauna ke da ita ku biyu ku amince tukuna, kafin maigida ya ji. Sannan babbar 'yar gidan ta rubuta ranakun a kwali, a manna a bango saman injin. Ki gaishe mini da ita da yaran, sai na leƙo Rikkos ɗin.