Yammacin 29 ga Safar ne ke tsayar da ranar Maulidi

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah yaya ake lissafin ranar Maulidi? Kalandar bango ta ce wata rana, wayata ta ce wata daban, ni kuma ina son in sani tun da wuri.

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na daɗe ina wannan lissafi, kuma ni ma ya taɓa kayar da ni.

Maulidi a wajen akasarin masu yinsa 12 ga Rabi'ul Awwal ne, wata na uku a shekarar Hijira, 'yan Shi'a kuma 17 suke ɗauka. Wannan lamba ba ta motsi. Abin da ke motsi shi ne ranar da watan ya kama, kuma ba a sanin wannan tabbas sai yammacin 29 ga Safar. Idan an ga jinjirin wata bayan faɗuwar rana, gobe 1 ga Rabi'ul Awwal. Idan ya yi nusan, Safar ya cika 30, sai jibi. To daga ranar 1 ɗin sai ka ƙara kwana 11. Sha ɗaya fa, ba sha biyu ba, domin ranar farkon ita ma tana cikin ƙidaya. Nan mutane da yawa suke zamewa.

Ɗauki shekarar 1446. A kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, 1 ga Rabi'ul Awwal ta faɗo ranar Laraba, 4 ga Satumba 2024. Ƙara 11, ka samu Lahadi 15 ga Satumba, kuma ranar ce aka yi Maulidi a Masar. Amma a Indunisiya da Malesiya watan bai kama ba sai Alhamis 5 ga Satumba, saboda haka nasu Maulidin ya zama Litinin 16. Babu wanda ya yi kuskuren ƙidaya a cikinsu, ranar da suka tsayar da watan ce ta bambanta. Ita Ummul Ƙura lissafin falaki ce da aka gina kan Makka, ana tsara ta shekaru kafin lokaci, kuma wayoyi da yawa ita suke nunawa. Wanda ke bin ganin ido, ko wata ƙa'idar lissafi mai tsauri, sau da yawa yakan biyo ta da kwana ɗaya.

Nan ne na sha kunya wata shekara. Na dogara da wayata, na sanar da jama'a rana tun ana tsakiyar Safar, har wasu suka nemi hutu a wajen aiki. Da sanarwar ganin wata ta fito sai ta saɓa da kwana guda. Da na koma na bincika, ashe tun farkon Safar muke bayan wayar da kwana ɗaya, ban lura ba. Tun daga nan abin da nake fara dubawa shi ne yau nawa ga wata bisa sanarwar da muke bi, in gwada da abin da wayar ta rubuta. In sun saɓa a Safar, to kada ka yarda da ita a Rabi'ul Awwal. Galibin manhajojin suna da wurin ƙara ko rage kwana, ka gyara.

Sai maganar dare. A lissafin Hijira rana tana shiga ne da magariba, dare shi ne gaba. Idan 12 ga wata Lahadi ce, daren Maulidi shi ne daren Asabar wayewar Lahadi. Wanda ya jira daren Lahadi, 13 ga wata ya raya.

Dabarar nan ta cire kwana 11 daga ranar bara tana da amfani wajen kintace kawai. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366, don haka tazarar kan zama 10, 11, ko ma 12. A Ummul Ƙura Maulidin 2023 ya faɗo 27 ga Satumba, na 2024 kuma 15 ga Satumba. Kwana 12 ke nan, saboda Fabrairun 2024 ya yi 29. Wannan ja da baya ne ma ya sa aka yi Maulidi sau biyu a 2015, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba.

Kada kuma ka ce lallai sai ya faɗo Litinin. Gaskiya ne an haifi Annabi (SAW) ranar Litinin, ya faɗa da bakinsa da aka tambaye shi kan azumin ranar. Amma Maulidi kwanan wata yake bi, ranar mako kuwa duk inda ta faɗo. Ko kwanan watan ma malaman tarihi sun yi saɓani. Ibn Ishaƙ ya ce 12, shi ya fi shahara, masanin falakin Masar Mahmud Fasha kuma ya lissafo Litinin 9 ga watan, a shekarar 571.

In kana son shiri da wuri, ka riƙe ranaku biyu a jere, ka faɗa wa mutanenka ɗaya ce daga cikinsu, sai an kwana 29 ga Safar ka tsayar.